Kamfani ɗaya, maki biyu masu karo da juna

Kafin in sayi hannun jari a wani kamfanin haƙar ma'adinai, na duba makinsa na ESG, wato awon yadda kamfani yake tafiyar da lamuran muhalli, haƙƙin jama'a da shugabanci. Kamfanoni biyu masu ba da irin wannan maki na duba, MSCI da Sustainalytics. MSCI sun ba shi A. Sustainalytics kuwa makin da suka ba shi ya haura 30, wanda a sikelinsu yake nufin haɗari mai yawa. To wa zan yarda da shi?

Sai da na zauna na karanta bayanin yadda kowanne yake awo kafin na gane ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. MSCI, da makinsu ya taso daga AAA ya sauka zuwa CCC, suna gwada kamfani ne da takwarorinsa a sana'a ɗaya. A ɗin nan tana cewa cikin masu haƙar ma'adinai, wannan da dama-dama. Su Sustainalytics haɗarin da kamfani bai shawo kansa ba suke aunawa, a sikeli ɗaya ga banki da mahaƙa, kuma ƙaramin maki shi ne mai kyau. Duka biyun gaskiya suka faɗa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai zuba jari ba: dukansu sun fi damuwa da yadda matsalar muhalli za ta taɓa aljihun kamfanin, ba ɓarnar da kamfanin yake yi wa muhalli ba. Makin kuma gamin gambiza ne, rauni a wani ɓangare yana iya cinye kyawun wani. A watan Mayun 2022 S&P, masu tsara jerin kamfanonin kasuwar hannun jari, suka cire Tesla mai ƙera motocin lantarki daga jerinsu na S&P 500 ESG, har da hujjar zarge-zargen wariyar launin fata a masana'antarta, alhali ExxonMobil mai haƙo mai tana nan daram.

Wasu masana a jami'ar MIT ta Amurka sun gwada masu ba da maki shida a binciken da suka wallafa a 2022. Kashi 56 cikin ɗari na saɓanin daga ma'auni ya fito, kashi 38 daga abubuwan da kowa ya zaɓi dubawa, kashi 6 kacal daga nauyin da aka ɗora wa kowane ɓangare. Ɗauki batun ma'aikata. Wani zai ƙirga yawan masu ajiye aiki, wani ya ƙirga ƙararrakin da aka kai kotu, kowa ya kira sakamakonsa kula da ma'aikata.

Ni dai na ajiye makin, na buɗe rahoton kamfanin na shekara uku. Na duba tan nawa na hayaƙi yake fitarwa, ma'aikata nawa suka ji rauni, da ko wani mai bincike daga waje ya tantance madatsun da ake tara dagwalon ma'adinai. Raunuka suna raguwa, hayaƙi yana nan yadda yake. Maganar madatsun kuwa layi biyu suka ba ta, babu sunan wanda ya duba, babu ranar dubawa. A kan wannan na fasa sayen.