Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Takardu Biyu a Kan Tabarmar Yaya

A makon jiya na tsaya a inda na bar ɗan ofishin binciken lissafin da na fara aiki bayan bautar ƙasa, saboda albashin dubu sittin da ba ya zuwa sai wata ya raba. To, Allah da ikonsa, cikin watan Fabrairun 2022 sai ga ƙofa biyu sun buɗe mini a mako ɗaya.

Ta farko daga wani kamfanin Turawa ne mai yin sabulu da kayan masarufi, wanda ke da babban sito a Idu, Abuja. Na yi musu jarrabawa ta kwamfuta, na yi intabiyu sau biyu, sannan suka turo takarda: naira miliyan uku da dubu ɗari shida a shekara, wato dubu ɗari uku a wata. Ta biyu kuwa babu takarda. Wani Alhaji ne mai kamfanin abincin kaji a hanyar Bukuru, nan garinmu Jos, abokin marigayi mahaifinmu, ya kira ni ya ce akantansa zai tafi, in ina so in zo, dubu ɗari da saba'in a hannu duk ƙarshen wata.

A raina na riga na tafi Abuja. Inna ma har ta fara gaya wa maƙwabta a Unguwar Rogo cewa ɗanta ya samu aikin Turawa. Abin da ya rage kawai in je in sanar da Yaya, don shi ne uba a gidanmu yanzu.

Bayan sallar isha'i na same shi a zaure, na miƙa masa takardar da na buga a shago. Yaya ya yi shekara bakwai yana ƙirga kuɗi a banki kafin ya koma sayar da kayan gini a Katako. Ya sa tabarau, bai ko dubi wajen albashin ba, ya ɗora yatsa a kan tambarin da ke saman shafi.

"Ƙanina, wa ya ɗauke ka aiki?"

Na faɗi sunan kamfanin Turawan.

"Sake karantawa."

Na karanta. Sunan da ke sama ba nasu ba ne. Wani kamfani ne na Legas da ban taɓa jin sa ba, mai samar wa manyan kamfanoni ma'aikata. Sunan Turawan sau ɗaya ya fito, a layin da ke cewa za a tura ni in yi aiki a harabar abokin hulɗarsu. Ƙasa kaɗan kuma aka rubuta cewa kwantiragin na wata goma sha biyu ne, ana iya sabuntawa in abokin hulɗar yana da buƙata.

Yaya ya cire tabarau ya ce irin takardar da ya sa wa hannu ke nan. Shekara bakwai yana shiga banki da safe, yana sa taye, jama'a na ce masa ma'aikacin banki, amma a littafin bankin babu sunansa. Wanda suke zaune a kanta ɗaya, aiki iri ɗaya, yana karɓar ninki biyu na albashinsa, yana da rancen mota, yana hawa mataki duk bayan shekara biyu ko uku. Ranar da aka rufe reshensu, abokan aikinsa na dindindin aka mayar da su wasu rassa, shi kuwa saƙon waya ya samu daga kamfanin da ya kawo shi. Ban taɓa jin wannan labari daga bakinsa ba sai daren nan, kuma muryarsa ta nuna har yanzu abin na ci masa rai.

Bai ce kada in je ba. Cewa ya yi in ɗauko biro mu yi lissafi, tunda ni ne akanta.

Dubu ɗari ukun nan kafin a cire komai ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai ba da kashi takwas cikin ɗari na ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri, mai aiki kuma ya ƙara kashi goma. A takardata waɗannan uku sun kama dubu ɗari biyu da arba'in, saboda haka dubu goma sha tara da ɗari biyu sun tafi. Harajin albashi, bisa tsarin wancan lokaci, ya kama kusan dubu talatin da huɗu. Abin da zai shigo asusuna wajen dubu ɗari biyu da arba'in da shida ne.

Daga nan sai Abuja ta karɓi nata. Na kira wani abokin karatuna da ke Kubwa, ya ce ɗaki ɗaya mai banɗaki da kicin in na samu a dubu ɗari biyar na yi sa'a, kuma shekara guda ake biya gaba ɗaya, ga kason ejan, ga kuɗin yarjejeniya, sai an haɗa da dubu ɗari a kai. In aka raba wata goma sha biyu, dubu hamsin ke nan. Mota zuwa Idu da dawowa muka sa dubu talatin, abinci da wuta da ruwa dubu hamsin. Saura dubu ɗari da goma sha shida, ban zo Jos ganin Inna ba ko sau ɗaya. Kuma dubu ɗari shidan farko sai na ciwo bashi tun ban karɓi albashin fari ba.

A ɗaya gefen, dubu ɗari da saba'in na Alhaji, ina kwana a ɗakina, kuɗin keke da mota dubu goma sha biyar, cefanen gida in sa talatin. Saura dubu ɗari da ashirin da biyar. Na daɗe ina kallon lambobin nan biyu. Tazarar dubu ɗari da talatin da ta sa Inna guɗa ta narke a kan takarda.

Amma Yaya bai bar Alhaji ya sha ba. Ya ce shi ma a tambaye shi abin da aka tambayi Turawa. Wa ya ɗauke ni, a wace takarda? Dubu ɗari da saba'in ɗin bayan haraji ne ko kuwa ba a biyan harajin ne sam? Fansho fa? Ya ce in je kamfanin, amma kada in fara da ofis, in fara da direbobi da masu lodi, in tambaye su ranar da albashin watan jiya ya shigo.

Haka na yi. Na sami wani direban tirela yana shan shayi a bakin ƙofa. Ya ce albashi ba ya wuce biyar ga wata, sai dai lokacin kaka da Alhaji ke zuba kuɗi a sayen masara, nan yakan kai goma. Na tambaye shi fansho. Ya ciro wayarsa ya nuna mini saƙon kamfanin fansho na ƙarshe da ya shigo masa, na watan Satumba. Muna Fabrairu. Ana cire masa duk wata, amma wata huɗu ba a tura ba, alhali doka ta ce a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wannan ita ce cutar kamfanoninmu na gida da yawa, kuma ba daga bakin mai kamfani ake jin ta ba, a wayar ma'aikaci ake gani.

Na kuma samu tsohon akantan yana haɗa kayansa. Dattijo ne mai kirki. Ya zaunar da ni ya nuna mini aikin: shi ke fitar da kuɗin da tan ɗaya na abincin kaji ya ci daga masara da waken suya da dusa da man janareta, shi ke daidaita littafi da takardar banki, shi ke haɗa albashin mutum arba'in da biyu, shi ke kai harajin albashi hukumar haraji ta Filato kafin goma ga wata, shi ke zama da masu binciken lissafi a ƙarshen shekara. Aikin Abuja kuwa, yadda aka bayyana mini a intabiyu, abu ɗaya ne: in gwada takardar neman biya da takardar oda da ta shigar kaya sito a cikin manhajar lissafin kamfanoni da ake kira SAP, in sun dace in tura gaba. Daga safe har yamma, haka.

A nan zuciyata ta rabu da gaske. Ina matakin ƙarshe na jarrabawar ICAN ta zama ƙwararren akanta, kuma abin da nake haddacewa a littafi shi ne dattijon nan ke yi da hannunsa. Amma ba zan ɓoye ba, sunan kamfanin Turawa a takardar neman aiki yana buɗe ƙofa, sanin SAP kuma abu ne da manyan kamfanoni ke tambaya, kuma can albashi ba ya jiran kakar masara. Suna da katin asibiti ma, Alhaji kuwa in ka kwanta sai abin da ya ga dama ya aiko.

Na kira matar da ta yi mini intabiyu, na yi mata tambaya ɗaya: cikin 'yan kwantiragin sashen lissafi, nawa aka mayar na dindindin a shekara ukun da suka wuce? Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ana duba ƙwazo, kuma in gurbi ya fito kowa na iya nema. Na sake tambaya, mutum nawa. Ta ce ba ta da adadin a gabanta. Da ta ce mini ko mutum biyu, wallahi da na tafi.

Ranar Asabar muka je gidan Alhaji a Rikkos ni da Yaya. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, na karɓa, amma ina roƙon abu uku." Takardar ɗaukar aiki mai tambarin kamfani da albashi a rubuce. Hutun kwana goma kafin jarrabawar Mayu. Sannan a ba ni izini in biya bashin fanshon ma'aikata kaɗan-kaɗan, kuma daga yanzu a riƙa turawa tare da albashi.

Fuskarsa ta canja a kan ta farko. "Ɗana, ni da mahaifinka shekara talatin muna hulɗa, ba mu taɓa rubuta takarda ba."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Amana tana nan. Takardar don wanda bai san ku ba ne, ranar da yaron nan zai nemi rance a banki ko wani aiki a gaba."

Alhaji ya ɗan yi shiru yana jan carbi. Ya yarda da takarda, ya yarda da hutu. Maganar fansho kuwa ya ce in fara aiki tukuna, in ga yadda kuɗi ke shiga da fita, sannan mu zauna.

Na fara ranar 1 ga Maris. Tsohon akantan ya miƙa mini makullin durowa da littattafai huɗu masu baƙin bango, ya ce in fara da na ukun, nan ne aka rubuta abin da aka cire wa kowa ba a tura ba. Da na haɗa jimlar a daren farko, ta haura abin da direban nan ya zata nesa ba kusa ba, domin wasu ma'aikatan ko lambar asusun fansho ba a taɓa buɗe musu ba.

Yadda muka kwashe da Alhaji a kan littafi na uku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.