Layin da babu adadi a bil: darussa kan wasiƙar neman bayani kafin a rufe tanda

Wanda ya daɗe yana cika takardun neman kwangilar gini, waɗanda ake kira takardun tanda, ya san cewa ba kasafai bil, wato takardar ƙididdigar aiki, ke zuwa ba tare da giɓi ba. Mai ƙididdiga ya auna daga tsohon zane, ko an kwafo bil ɗin wani aiki an yi masa kwaskwarima, ko wani layi ya ɓoye a Excel lokacin da ake bugawa. Yadda ɗan kwangila zai yi da giɓin shi ne abin koyo, domin kwanakin da ke tsakanin karɓar takardu da ranar rufewa su ne kawai lokacin da tambaya ba ta cin kuɗi. Da zarar an sa hannu, tambayar ta koma neman ƙarin kuɗi, kuma kowa ya san irin jan ƙafar da ke biyo bayan wannan.

Darasin farko shi ne "babu adadi" ba abu ɗaya ba ne. A ɗauki misalin gini mai ajujuwa uku, tsawonsa mita 27, faɗinsa mita 8, da bango biyu masu raba ajujuwan. Kewayen waje mita 70 ne, bangon ciki biyu mita 16, jimilla mita 86. A cikin bil ɗin wannan gini an tarar da matsala iri uku. Layin rodin lintal mai bin duk bangon ginin yana nan da bayaninsa, amma gurbin adadi fayau. Ledar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin daɓen kankare don tare laima tana cikin zane, amma babu layinta sam a bil. Sannan bulo mai inci 9 an rubuta masa murabba'in mita 128, alhali awo bai ba da haka ba. Na farko kowa zai gani. Na biyu sai wanda ya ɗora zane kusa da bil yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Na uku kuwa sai wanda ya ɗauki ma'auni ya auna da kansa, kuma galibi shi ne mai cin kuɗi.

Kafin a rubuta ko kalma ɗaya, a yi awon. Wasiƙar da ta ce "mun lura akwai kurakurai a bil, muna neman gyara" ba ta samun amsa mai amfani, don ba ta ba mai ƙididdiga abin kamawa ba. Bangon nan tsayinsa mita 3 ne zuwa ƙarƙashin lintal, saboda haka 86 sau 3 ya ba da murabba'in mita 258. Cire ƙofofi da tagogi, kimanin 40, saura 218. Duba lambobin biyu, 218 da 128: alama ce ta hannu ya juya lamba wajen bugawa. Bambancin murabba'in mita 90 ne, kuma tunda kowane murabba'in mita na cin bulo kusan 10, maganar bulo 900 ake yi, ban da siminti da yashi da kuɗin magina. Idan an ce farashin murabba'in mita naira 12,000 ne, misali, giɓin ya haura naira miliyan ɗaya a layi guda.

Rodin ma haka. Zanen injiniya ya nuna lintal mai milimita 225 kowane gefe, da rodi huɗu na Y12, wato mai kaurin milimita 12, da ringin da ke ɗaure su na milimita 10 a kowace tazarar milimita 200. Rodi huɗu sau mita 86 mita 344 ne, kuma kowace mita ta rodi mai milimita 12 nauyinta kilo 0.888, wato kimanin kilo 305. Ringi 430 za a buƙata, kowanne ya ci kusan mita 0.9 har da lanƙwasa, mita 387 ke nan, a kan kilo 0.617 kowace mita, kimanin kilo 239. Gaba ɗaya kilo 544, fiye da rabin tan, kuma ba a lissafa haɗin baki inda rodi ke hawa kan rodi ba. Wannan shi ne abin da ke kwance a ƙarƙashin gurbin da aka bari babu komai.

Me ya sa ba za a cike gurbin da kilo 544 kawai a wuce ba? Nan ne masu sabon shiga suke faɗawa rami. Bil na mai aiki ne, kuma an raba shi iri ɗaya ga kowa don a gwada farashi da farashi a kan adadi guda. Wanda ya sauya 128 zuwa 218 da hannunsa, ko ya ƙara layin leda, jimillarsa za ta fi ta sauran tsada a kan abin da su ba su saka ba, ya kuma ba kwamitin tantancewa hujjar cewa ya taɓa takardar da aka hana taɓawa. Wanda ya bar gurbin kuma yana fuskantar wani sharaɗi da ke cikin yawancin takardun tanda, har da na ayyukan Bankin Duniya: duk layin da ba a sa wa farashi ba, za a ɗauka kuɗinsa na cikin farashin sauran layuka, ba za a biya shi daban ba. Gaba kura, baya sayaki. Wasiƙar ce kaɗai ke mayar da nauyin kan wanda ya shirya bil.

Akwai masu shiru da gangan. Sun ga bulo ya yi kaɗan a bil, sai su ɗaga farashin layin, su rage na wani, da nufin in an zo awo a wurin aiki a biya su 218 a kan farashi mai tsoka. Dabarar tana aiki ne kawai idan kwangilar ta awo ce, wadda ake sake auna abin da aka gina a biya. Idan ta jimla ce, inda aka ce zane shi ne abin bi kuma kuɗin ƙayyadadde ne, mai shirun ya saya wa kansa bulo 900. Ko a kwangilar awo ma ba a bar ƙofar a buɗe ba. Jan littafin FIDIC na 1999, wato samfurin sharuɗɗan kwangilar gini na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, ya ba da damar sake duba farashin layi idan adadinsa ya sauya da fiye da kashi 10 cikin ɗari, tare da wasu sharuɗɗa, kuma mai tantancewa da ya san aikinsa yana gane layin da farashinsa ya kumbura ba dalili. Don haka kafin a yanke shawarar komai, a buɗe sharuɗɗan kwangila a ga wace iri ce, a ga kuma wace takarda ke gaba idan zane da bil suka saɓa.

Ita wasiƙar, da Turanci ake rubuta ta a ma'aikatun Najeriya, amma ƙashin bayanta ɗaya ne a kowane harshe. A sama, sunan aikin da lambar tanda da lambar rukuni daidai yadda suke a talla, a aika ta ga adireshin da takardun suka ambata don neman bayani, ba ga injiniyan da aka saba gaisawa da shi ba. Sannan kowace matsala da lambarta, kuma kowace ta ɗauki abu huɗu: inda take a bil, abin da bil ya ce, abin da zane ya nuna da lambar zanen, da tambayar. Ta bulo za ta zo kamar haka: "Shafi na 6, layi na C, bulo mai milimita 225: bil ya nuna murabba'in mita 128. Awonmu daga zane mai lamba kaza ya ba da kimanin 218 bayan cire ƙofofi da tagogi. Muna roƙon a tabbatar mana da adadin da za mu sa wa farashi." Ta leda kuma a tambaya ko za a ƙara mata layi, ko ana nufin kuɗinta na cikin na kankaren daɓe, tare da kaurin ledar da ake so.

A lura da kalmomin: "awonmu ya ba da", "a tabbatar mana". Ba a cewa mai ƙididdiga ya yi kuskure. Ban da ladabi, akwai yiwuwar shi ne da gaskiya, wataƙila an fitar da sabon zane da ba a haɗo ba, ko an raba bulon gida biyu, wani na ƙarƙashin ƙasa a sashen harsashi. Saboda haka a bi bil ɗin tun daga farko har ƙarshe, har da bayanan share fage masu faɗin yadda aka yi awo, kafin a ce wani abu ya ɓata. Sau da yawa abin da ake nema yana kwance a wani shafi da wani suna.

Abu biyu ba sa shiga wasiƙar. Farashi ba ya shiga, ko da alama, domin ƙa'ida ita ce a aika amsa ga duk waɗanda suka karɓi takardun, tare da tambayar, ba tare da an faɗi wanda ya yi ta ba. Wannan yana yi wa wasu ciwo, ganin cewa wahalar awonsu za ta amfani abokan takara, amma hakan ne ke sa kowa ya sa kuɗin kilo 544 ɗin, mai gaskiya bai zama shi kaɗai ne mai tsada ba. Na biyu, sharaɗi ba ya shiga. "Ba za mu yi aikin ba sai an gyara" barazana ce, kuma ba ta ƙara wa tambayar ƙarfi.

Lokaci kuma yana kashe wasiƙa mai kyau. Takardun tanda suna ƙayyade ranar ƙarshe ta karɓar tambaya, wadda ke zuwa kwanaki kafin ranar rufewa, kuma abin da ya iso bayanta ba dole ne a amsa ba. Shi ya sa ake gwada bil da zane a makon farko, kafin ma a fara zagayen kasuwa neman farashi. A miƙa kwafi biyu a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ko a adana shaidar aikawa idan ta imel ce. Idan gyaran zai taɓa layuka da yawa, a roƙi ƙarin wa'adi a cikin wasiƙar. Abin da aka faɗa da baki a taron masu neman kwangila ko wajen duba fili ba ya sauya bil. Takardar gyara mai lamba da sa hannu ce ke sauya shi, kuma in ta fito, a tabbata shafin da aka sa wa farashi sabon ne, don akan samu wanda ya nemi gyaran da kansa ya miƙa tsohon shafi.

Idan ranar rufewa ta ƙarato babu amsa, a sa farashi a kan adadin da aka bayar ba tare da an taɓa shi ba: bulo a kan 128. A layin rodi a rubuta farashin kilo ɗaya ko da gurbin adadi babu komai, don farashin ya kasance a rubuce ranar da za a auna. Maganar rubuta zato a wasiƙar rakiya kuwa sai an duba, domin wasu takardun suna ɗaukar duk wani sharaɗi da ɗan kwangila ya ƙara a matsayin saɓa ƙa'ida. Inda aka hana, kwafin nan mai hatimi ya shiga fayil ɗin aikin, a fito da shi a zaman da ake yi kafin sa hannu, a nemi a rubuta a bayanan zaman yadda za a biya bulon da rodin da ledar.