Katin bikin da ya ci min kwana shida a kan jaka biyu

Ƙannena masu ɗan aikin zane a waya ko a ordinatar, ku zo in ba ku labarin wautar da na tafka a Garwa, ko za ku tsallake ramin da na faɗa. Ni katin gayyatar biki nake yi, na ɗaurin aure da suna da walima, kuma na daɗe idan an tambaye ni nawa ne sai in ce "ai ba damuwa, za mu daidaita". Wallahi wannan maganar ita ta fi komai cuta ta, don wanda ka ce wa za ku daidaita ya riga ya yanke kuɗin a ransa, kai ma ka yanke naka, kuma ba su taɓa zuwa ɗaya.

Wata rana na ɗauko littafin da nake rubuta bashi na ƙirga aiki 30 na ƙarshe, sai na ga 22 abu guda ne, katin aure mai fuska ɗaya, sunan ango da amarya, iyalai biyu, ranaku da wurare. Toh tunda abu ɗaya nake maimaitawa me zai sa kullum in zauna ciniki kamar yau na fara? Na ce bari in mai da shi kamar burodi a tebur, ga kaya ga kuɗi. Tunanin daidai ne, yadda na yi shi ne ya zama shirme. Na sa a status ɗina na WhatsApp: katin biki sefa 2,000, awa 24, gyara har sai ka gamsu.

Wannan "har sai ka gamsu" ɗin ita ta kashe ni. Wani ango daga Yelwa ya turo kuɗi ta Orange Money da safe, bayanan kuma bai turo ba sai washegari da la'asar, amma shi a lissafinsa awa 24 ta wuce, na riga na zama maƙaryaci. Na yi katin, ya nuna wa gidan amarya, shikenan ƙofa ta buɗe. Yayar amarya ta ce a canza kala, ƙanin uba ya ce an sa sunansa ƙasa da na wanda bai kai shi shekaru ba, aka ɗaga walima daga Asabar zuwa Lahadi, can kuma gwaggon amarya ta kira ni da kanta tace "ɗana, ka ƙara mana da Fulatanci mana, dangin Gidar ba su jin Faransanci". Me zan ce? Na ce to Hajiya. Gyara tara, kwana shida, a ƙarshe ma suka ɗauka bugawa na cikin jaka biyun. Kuma in za a faɗi gaskiya ba su cuce ni ba, abin da na rubuta suka bi.

Kuskuren farko a lissafin kuɗin yake. Na auna lokacin zanen kawai, minti 40, na manta da sauran. Da na riƙe agogo a kan aiki goma na gaba sai na ga sauraron saƙon murya da neman yadda ake rubuta sunan wani da gyare-gyare da bin cikon kuɗi sun fi zanen cin lokaci, gaba ɗaya kusan awa biyu da rabi kowane kati. Na ce ina son awa ɗaya ta kawo min 1,500, ka ga 3,750 ke nan, na ɗora 500 na data da caji da kuɗin cirewa ya zama 4,250, sai na kai shi 5,000 saboda aikin da zai zo da rigima, don dole a samu irinsa. Ma'ana a 2,000 ɗin nan ko aikin da ya tafi lafiya ma, in an cire 500 ɗin, awa ɗaya sefa 600 take kawo min.

Sai iyaka. Yanzu abin da jaka biyar ke saya a rubuce yake, ina tura wa mutum tun kafin ya biya. Kati ɗaya fuska ɗaya, ka zaɓa cikin samfuri shida da na riga na zana, yare biyu, shagali bai wuce huɗu ba. Za ka karɓi fayil biyu, JPG na status mai 1080x1920 da PDF girman A5 wanda mai bugawa zai karɓa ba tare da rubutu ya dushe ba. Gyara zagaye biyu ne, kuma ku lura da kalmar zagaye, ba gyara biyu ba: a tattara duk abin da dangi ke so a turo a saƙo ɗaya, ta hannun mutum ɗaya. Zagaye na uku jaka guda. In ni na yi kuskuren rubutu wannan kyauta ne, shi ya sa ba na karɓar sunaye da murya, sai a rubuce, don Muhammadu da Mohamadou da Hamadou a kunne duk kusan ɗaya ne amma a kati rigima ce. A ƙasa kuma na rubuta abin da ba ya ciki, bugawa da bidiyon gayyata da gyaran hoto. Wannan layin na "ba ya ciki" ya fi duk sauran amfani, da shi na daina faɗa da mutane.

Lokaci kuwa awa 48 ne, amma agogo ba ya tashi sai abu biyu sun shigo, rabin kuɗi da cikakkun bayanai. Aikin ba ya cin kwana biyu, na sani, amma kun san yadda kuran ke ɗaukewa musamman lokacin zafi, ga rezo, ga makon da aure ke yin yawa gab da azumi. Mai gaggawa akwai na awa 12, ƙarin 2,500, kuma ba na ɗaukar fiye da ɗaya a rana. Samfurin da nake turawa don dubawa akwai sunana kwance a tsakiyarsa, mai tsabta sai an cika kuɗi.

Abin da zai fi ba ku wuya shi ne ciniki, mu mutanen kasuwa ne, wanda bai taya ba gani yake an cuce shi, balle abokin babanka ya ce "haba yaro, ni ma?". Na sha ragewa saboda kunya, sai labari ya zaga cewa jaka biyar ɗin ta baki ce. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in rage kaya maimakon kuɗi. Na yi ƙarami na 3,000, hoton status kaɗai, yare ɗaya, gyara zagaye ɗaya. In aka ce da tsada sai in ce "Baba akwai na jaka uku, ga abin da ke ciki", ya zaɓa da kansa, ba wanda ya ji kunya, kuma da yawa suna ganin babu PDF sai su koma babban.

Har yanzu ina rubuta kowane aiki a littafin nan, awa nawa ya ci, me aka nema a waje. In na ga abu ɗaya ana ta nemansa, kamar mutum ɗaya cikin uku, to iyakar ce ban yanka daidai ba. Haka ta faru da addu'a da Larabci a saman kati, da ina cajinta daban ana ta ɓata rai, sai na zana ta cikin samfurori shidan gaba ɗaya. Amma wanda ya zo da katin taron siyasa ko na makaranta mai shafi huɗu ba na tura shi cikin jaka biyar da ƙarfi, wannan sai mun zauna na ji abin da yake so, in rubuta masa nasa kuɗin daban.