Yadda na shawo kan 'yan ƙungiyarmu muka haɗa kuɗin sola

Zaman farko dai faɗuwa na yi wanwar. Na tashi gaban mutum arba'in ina ta kilowat, inbata, batirin litiyam, kafin in gama rabin jama'a sun zame wai za su yi alwala. Da muka fito Baba ma'aji ya ja ni gefe ya ce, ciyaman, kai ka ga ana sayar da akuya a duhu? Ka nuna musu kuɗinsu tukuna.

To lokacin ba a daɗe da cire tallafin mai ba, 2023 kenan, lita ta kai naira 617, kowa a layinmu yana ji a jikinsa, teloli da masu cajin waya da masu aski da masu firizan lemo. Sai na raba wa kowa 'yar takarda na ce na roƙe ku sati ɗaya tak, duk man da ka zuba a janareto ka rubuta. Da aka tattara sai ga shi kusan lita biyu kowane shago yake sha a rana, mu arba'in lita 80 kenan, wajen naira dubu 49 kullum, a wata kuwa ko an cire ranakun da ba a buɗewa ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ban da baƙin mai da kuɗin bakanike.

Da wannan lissafin na buɗe zama na biyu, da alli na rubuta shi a jikin ƙyauren shago. Na ce 'yan'uwa wannan kuɗin ba na gwamnati ba ne, daga aljihunmu yake fita yana zama hayaƙi, adashe muke yi dama ba mu sani ba, sai dai mai gidan mai ne ke kwasa kullum. Wajen ya yi tsit. Sannan na kawo abin da injiniya ya auna, yunit 60 muke bukata a rana, rana mai ƙarfi kamar awa biyar ce a nan, in aka cire asarar zafi da waya sai mun sa fanel na kilowat 15, wato guda 28 masu wat 550, da batirin da zai riƙe mu daga magariba zuwa tara na dare. Ban wuce nan ba a maganar fasaha, na koyi darasi.

Sai wani dattijo tela ya ce, ranka ya daɗe, in na zuba kuɗina an sayi kaya me ya sa kuma za a sa min mita ina biya? Wallahi wannan tambayar ita ce taron gaba ɗaya. Na ce Baba, rana kyauta ce amma batir ba kyauta ba ne, yana tsufa kamar tayar mota, ranar da ya mutu in babu ajiya a asusu wa za mu bi? Kuma in ba mita mai kwan fitila biyu da fanka zai riƙa ɗaukar nauyin mai firiza uku, zumunci ya lalace. Aka tsayar kowa ya sayi hannun jari daidai ƙarfinsa, kuɗin yana banki sai da sa hannun mutum uku, ni kuma ba na cikinsu, da kaina na ce a cire ni. Ina ganin wannan ya fi duk bayanina tasiri, don mutane sun sha ganin kuɗin ƙungiya ya bi ruwa.

Inda na yi kuskure shi ne da daɗin baki ya kwashe ni na ce wutar nan ba ɗaukewa. Hunturu na shigowa ƙura ta lulluɓe fanel, sai ka shafa yatsa ka ga layi, batir ba ya cika, ƙarfe bakwai da rabi inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda shaguna ke amfani da ita, ta fara ƙara ta kashe kanta. Ga kuma masu jona dutsen guga da hita da daddare, dutsen guga ɗaya wat dubu yake ja ko fiye, ya fi kwan fitila hamsin. Mai markaɗe ma ya matsa a jona shi, alhali injin nasa lokacin tashi yana jan ninkin abin da yake ci sau da yawa, ranar gwaji gaba ɗaya layin ya ɗauke. Mutane suka zo har ƙofar gida suna cewa ciyaman ina alkawari, kuma gaskiyarsu ce.

Dole na sake tara su na ba da haƙuri. Muka ɗauki yaro yana wanke fanel da sassafe kafin su yi zafi, sau biyu a sati lokacin hazo, guga kuma daga goma na safe zuwa uku na yamma kawai, aka sa wa kowane shago iyakar lodi a mitarsa, ka wuce taka ce za ta ɗauke ba ta maƙwabci ba. Mai markaɗe ya koma kan injinsa na dizal har sai mun tara kuɗin ƙarin inbata, yanzu dai asusun ya kai rabi.