Abinda tef ya koya min game da awon ƙugu

Aikina ya haɗa da auna mutane, tsawo da nauyi da ƙugu, mafi yawansu masu hawan jini ne ko ciwon suga da aka ce su rage teɓa, kuma abinda na fi jin zafinsa a aikin nan shine yadda ake ɗaukar lambar da tef ya nuna kamar yankan wuƙa. A rubuta 98 a kati, an gama, ba mai tambayar ƙarfe nawa aka auna, da riga ko babu, waye ya riƙe tef ɗin. Alhali mutum ɗaya a rana ɗaya zaka iya samun lambobi uku huɗu daga jikinsa, kuma duk wanda ya auna zai rantse maka nasa ne daidai.

Wani bawan Allah ya zo min fuskarsa cike da fara'a, wai cikin sati biyu ƙugunsa ya sauka daga santimita 98 zuwa 92. Wannan ba ƙaramin abu bane a wurinsa, domin a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya namiji in ya wuce 94 haɗarin ciwon zuciya da suga ya fara ƙaruwa, in ya wuce 102 ya ƙaru sosai, mace kuma 80 da 88 ne. To kaga shi a ganinsa ya tsallake layi kenan. Na ce ya hau sikeli, sai ga 83.4, a katinsa kuma na baya 84 ne. Nan na san da sake. Santimita shida ba zasu bar cikin mutum ba sikeli bai ko motsa kilo ɗaya ba, wannan ita ce alamar farko da nake dubawa, in tef da sikeli suka yi hannun riga irin haka to awon ake tuhuma kafin jikin.

Da na bi diddigi sai ga yadda akayi. Na farkon da yamma aka yi shi bayan ya ci ya ƙoshi, akan rigarsa da singileti, tef ɗin a sake, a saitin cibiya. Na biyun shi ya yi wa kansa da sassafe kafin ya sa komai a bakinsa, ba riga, ya ɗaure tef tamau. Duk abinda ke ƙara lamba ya taru a na farko, duk abinda ke rage ta ya taru a na biyu. Na sake aunashi yadda ya kamata sau biyu, 95.0 da 95.6, na rubuta 95.3. Gaskiya ban ji daɗin ganin yadda fuskarsa ta canja ba, mutumin yana ƙoƙari, amma gara ya san inda yake da ya koma gida ya saki jiki akan lambar ƙarya.

Maganar kaya mutane sun fi rainawa, sai kaji ance ai rigar ba kauri. Lissafin ba wuya, duk kaurin da ka ƙara tsakanin fata da tef, kewayen zai ƙaru da kusan ninki shida da ɗan ɗori na wannan kaurin, saboda tef zagaye yake yi. Riga da singileti in kaurinsu ya kai milimita 2 sun ƙara kusan santimita 1.3, suwaita mai milimita 5 ta ƙara sama da santimita 3, wannan fa in yadin ya kwanta lif kenan, in ya tattare ko ya naɗe a baya inda baka gani to ya wuce haka. Akwai kuma kishiyarsa, bel ko robar wando ko matsattsen kayan ciki suna matse tsokar, lambar ta ragu, ko su tura naman sama ya taru a inda zaka ɗora tef. Shiyasa nake cewa a sassauta bel a ɗan jira, in ka ga shatin roba a fata to wurin bai dawo daidai ba tukuna. Wanda bai so ya ɗaga riga ba na takura masa, haƙƙinsa ne, na kan auna akan mafi ƙarancin kaurin da ya amince da shi in rubuta a kati cewa akan riga ne, don wanda zai auna gaba ya yi irin haka.

Jan tef kuwa shine inda hannun ma'aikaci ke shiga lambar, kuma nan na fi daɗewa ina koyo. Ciki ba katako bane, yana lotsawa, kuma iya yawan kitsen mutum iya yadda zai lotsa, wato wanda ya fi buƙatar awo na gaskiya shi ne aka fi cuta da jan tef. Ka gwada a jikinka, zagaya tef ka karanta, sannan ka ɗan ja kaɗan yadda ko zafi ba zaka ji ba, zaka ga santimita ɗaya ko biyu sun tafi. A rahoton taron masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Geneva a 2008 akan awon ƙugu, an ce tef ya zama marar talewa kuma jan ya tsaya akan nauyin giram 100, ka tuna fa giram 100 kashi ɗaya cikin goma na kilo ne, ja ne ɗan mitsitsi. Akwai tef mai sifirin a bakinsa da aka yi musamman don jan ya zama iri ɗaya kullum, amma yawancinmu tef ɗin tela muke riƙewa, don haka ido ne ma'auni. Tef ya taɓa fata ko ina ba rata, amma kada ya nutse. In ka ga nama ya kumburo sama da ƙasan tef, ko ka cire ka ga ya bar layi, ka matse da yawa. In kuma ya zame ƙasa ta baya ya yi sake, kuma tef da ya karkace yawanci lamba mafi girma yake bayarwa, shiyasa nake zagayawa in duba bayan mutum ko in tsayar dashi gaban madubi. Teloli da yawa suna sa yatsa ƙarƙashin tef don kaya su samu sarari, wannan daidai ne a ɗinki, amma lambar tela ba ita ce lambar asibiti ba, kada a kwafo ɗaya a zuba a gurbin ɗaya. Shi kansa tef ɗin yana tsufa ya tale, lokaci lokaci a shimfiɗa shi kusa da rula ta ƙarfe a gani ko har yanzu sun yarda da juna.

Sai tsayuwa. Da zarar mutum ya ga tef ya nufo cikinsa sai ya zuƙe, ba da gangan ba ma, jiki ne ke yi, kunya ce kawai. Zaka gane in kafaɗu suka ɗaga, ƙirji ya turo, ya yi shiru yana riƙe numfashi. Abinda nake yi shine in ja shi da hira, in ce "Malam saki jikinka, ja numfashi ka sauke kamar yadda ka saba", sai na bari ya yi biyu uku sannan in karanta a daidai ƙarshen fitar numfashi na yau da kullum, ba wanda ya matso iska da ƙarfi ba. Wanda ke magana ba ya iya zuƙe ciki na tsawon lokaci. Ƙafafu kusa da juna, nauyi a rabe akan duka biyun, hannaye a sauke bayan an zagaya tef domin ɗaga hannu sama yana miƙar da ciki ya sirance, kai kuma a miƙe. Wanda ke auna kansa anan yake faɗawa, dole ya sunkuya ya duba, sunkuyon kuma ya naɗe cikin.

Wurin ɗora tef ma sai an tsaya. Tsarin da nake bi shine a laluba haƙarƙari na ƙarshe, a laluba saman ƙashin ƙugu a gefe, a ɗauki tsakiyarsu. A Amurka akwai tsarin da ke ɗorawa a saman ƙashin ƙugun kai tsaye, wasu kuma cibiya suke bi, ita kuwa cibiya in tumbi ya yi girma sauka take yi ƙasa. Ba wai ɗaya ne halal sauran haram ba, matsalar ita ce yau wannan gobe wancan a jikin mutum ɗaya.

Lokaci kuwa har tsawo yake taɓawa, abinda mutane basa yarda sai sun gwada. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wasu fayafai masu riƙe ruwa kamar soso, da dare kana kwance su cika, da rana nauyin jiki ya matse su, sai mutum ya rasa santimita ɗaya zuwa biyu kafin dare, kuma mafi yawan raguwar a awannin farko bayan tashi take faruwa. Ka auna yaro da safe a wannan zuwan, zuwa na gaba ka auna shi da yamma, sai uwa ta tashi hankalinta wai ɗanta ya daina girma. Nauyi ma haka, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, don haka bambancin kilo ɗaya tsakanin safe da dare ba kitse bane. Ƙafa tana ɗan kumbura zuwa yamma, shiyasa awon takalmi ya fi kyau da yamma, amma awon ƙugu da nauyi sun fi kyau da safe bayan an zaga bayi kafin a ci komai. Mata kuma kwanakin gab da al'ada ciki kan ɗan kumbura, gara a riƙa kwatanta awon da aka yi a lokaci iri ɗaya na wata.

Ni dai yanzu ba na rubuta lamba ita kaɗai. Ina aunawa sau biyu, in tazarar bata wuce santimita ɗaya ba in ɗauki tsakiya, in ta wuce in sake duka biyun daga farko, sannan a gefe in sa ƙarfe nawa ne, ya ci abinci ko bai ci ba, akan fata ko akan riga, da inda na ɗora tef. Canjin santimita ɗaya tsakanin zuwa biyu ba na faɗa wa mutum wai ya rame ko ya ƙaru, sai na ga lambar tana tafiya gefe ɗaya a awo uku a jere kuma sikeli na binta. Mai ciki, ko wanda ruwa ya taru masa a ciki saboda ciwon hanta ko zuciya, wannan layin na 94 da 80 bai shafe su ba sam, nasu awon don wata manufa daban ake yinsa, likita ne zai ce a ina za'a ɗora tef da kuma sau nawa.