Godiya ga duk wanda ya tsaya min a makon kek 74

Assalamu alaikum. Yau kwana tara ke nan da na saka bidiyon nan, kuma sai yau na samu na zauna ba fulawa a hannuna. Akwai mutanen da ke bina bashin godiya, akwai waɗanda ke bina bashin ban haƙuri. Godiyar ba za ta yi armashi ba idan ban faɗi abin da ya faru ba, don haka ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Bidiyon sakan 20 ne kacal. Ƙanwata ce ta ɗauka ina yanka kek mai hawa biyu da na yi wa furanni da ayisin, na saka a daren Talata na kwanta. Ni da na saba mutum talatin su kalli abina, rabinsu ma dangi, sai ga shi da asuba waya ta ɗau zafi saboda saƙonni. Wannan ta ce ɗaya, waccan ta ce biyu, kuma kusan kowa ranar Asabar yake so. A da, idan na samu oda huɗu a mako murna nake yi. To kowa ya tambaya sai in ce "an gama", in tura lambar asusu, ya saka kafin alƙalami. Wasu ta Instagram, wasu ta WhatsApp, wasu a ƙarƙashin bidiyon, wasu suka kira. Ban rubuta ko ɗaya a takarda ba. Ba sai an faɗa min ba, laifin nan nawa ne ni kaɗai.

Godiya ta farko ga ƙanwata. Ita ce a daren Laraba ta ƙwace wayar, ta ɗauko littafi, ta ja layi: suna, adadi, rubutun da za a yi a kan kek, an biya ko ba a biya ba, ƙarfe nawa za a karɓa. Ta yi sama da awa biyu tana bin saƙonni tana haɗa su da alat. Da ta gama ta ɗago ta ce, "Yaya, kin san nawa ne?" Na ce za su kai talatin. Ta juyo min da littafin. 74.

Maimakon in tsaya in yi lissafi, sai na ce sauri zan ƙara. Obin ɗina na gida ne, gwangwani biyu masu faɗin santimita 20 yake ɗauka a tsakiya, wato kek ɗaya a kowane zubi. Ranar Alhamis da sassafe na kwaɓa na kek shida a lokaci ɗaya cikin babbar roba, na cusa gwangwani huɗu, biyu sama biyu ƙasa, na murɗa wuta daga digiri 180 zuwa 200 wai don ya yi saurin gasuwa.

Na saman suka yi ja tun minti 15, suka yi tozo, suka tsage. Ido ya ce sun gasu. Da na fito da su ina kallo tsakiyar ta lotsa kamar an danna da gwiwar hannu, na soka tsinke ya fito da ɗanyen kwaɓi. Na ƙasan kuwa gindinsu ya ƙone, samansu fari fat, domin gwangwanayen sama sun tare musu zafi. Ga shi ina ta buɗe ƙofa ina leƙawa, kowace buɗewa zafi na tsiyayewa kek bai riga ya kama jikinsa ba. Zubi na uku shi ya fi ba ni takaici. Kwaɓin ya yi sama da awa ɗaya yana jira a kicin mai zafi, bota ta saki, iskar da na bugo a ciki ta fita, bekin hoda ta fara aikinta a cikin roba. Da na yanka sai ga wani layi mai danƙo kwance a ƙasan kek ɗin, kamar ba a taɓa saka shi a wuta ba. Kek shida, ƙwai 30, bota kilo ɗaya da rabi, duk a banza. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka mai isata.

Umma ba ta ce min komai ba, ta dai ɗauki wayarta ta kira Antin da ta koya min wannan sana'a. Umma, Allah ya saka da alheri, don ni kunya ba za ta bar ni in kira ta ba.

Anti ta iso da la'asar. Ta ɗauki kek ɗaya ta juya, ta duba gindinsa, ta karya shi biyu, ta ce, "Gwangwani nawa kika saka?" Na ce huɗu. Ta ce, "Ai ya faɗa min." Sai ta ce in kawo biro.

Ta tambaye ni minti nawa zubi ɗaya yake ci. Na ce 30. Ta ce ba gashi kaɗai take tambaya ba. Kek zai huta minti goma a gwangwani kafin a juye shi, a wanke gwangwani, a shafa mai, a shimfiɗa takarda, a auna sabon kwaɓi, obin ya koma zafinsa bayan an buɗe shi. Muka tsaya a minti 45. Ta ce in ninka sau 74. Ya ba da awa 55 da rabi, obin na ci ba tsayawa, ni kuma ba barci ba sallah ba cin abinci. Daga wannan la'asar zuwa safiyar Asabar awa 40 ne suka rage. Ko da ban ɓata komai da safe ba, ko da tun daren Laraba na kunna wuta, da ƙyar gashin kaɗai zai shiga, ba a zo maganar kwalliya ba. Furannin da ke cikin bidiyon kuwa kusan awa ɗaya suke ci min a kan kek ɗaya. Sannan ta buɗe firij ta ce, "A nan za ki ajiye 74 ɗin?" Kek huɗu yake ɗauka idan an fitar da komai na gida.

Ta ce, "'Yata, obin ne yake karɓar oda, ke baki kawai kike ara masa. Tun da ba ki tambaye shi ba, yanzu sai ki koma ki ba mutane haƙuri."

Muka lissafa abin da zai yiwu da gaske. Obin ɗina, awa shida a daren Alhamis da awa tara ranar Juma'a, zai ba da 20. Nata yana ɗaukar gwangwani shida, ta ce za ta ba ni zubi shida a tsakanin nata aikin, 18 ke nan. Jimla 38. Sauran 36 dole a kira su a daren nan, tun suna da sauran kwana guda da za su nemi wani wuri. Na so in bari sai Juma'a ko wani abu zai canja. Anti ta ce wanda aka faɗa wa ranar Alhamis ransa zai ɓaci, wanda aka faɗa wa ranar Asabar kuwa an cuce shi.

Wa za a ba, wa za a hana? Muka fara da waɗanda ranarsu ba ta ɗaguwa, masu taro da masu murnar ranar haihuwa, sannan muka bi jerin wanda ya riga biya. Kiran nan ya fi gashin wuya. Na faɗa wa kowa gaskiya, cewa na karɓi abin da ya fi ƙarfina, na ba shi zaɓi: ko mako mai zuwa, ko kuɗinsa yanzu. Mutum 21 suka ce za su jira. Mutum 15 na mayar musu da kuɗinsu a daren, kuma da kuɗin Yayana na cike, don na riga na kashe wani sashe a kan bota da ƙwan da suka tafi shara. Yaya, na gode, kuma ban manta ba bashi ne.

A cikin 15 ɗin akwai wata baiwar Allah da ta wanke ni tas, ta ce wanda bai san girman tukunyarsa ba bai kamata ya gayyaci baƙi ba. Na ji zafi a lokacin, amma ba ta yi ƙarya ba. Hajiya, idan kina karantawa, ina ƙara ba ki haƙuri.

Ranar Juma'a komai ya koma kan ƙa'ida. Kwaɓi na zubi ɗaya kawai: bota giram 250, sukari 250, fulawa 250, ƙwai biyar. Ƙanwata ta auna busassun kayan kowane zubi ta ƙulla a leda daban daban, ba a haɗa su da ƙwai sai obin ya kusa fitar da na ciki. Anti ta rataya min ɗan ma'aunin zafi a cikin obin, a nan na gano idan na saita 180 ainihin zafin yana haura 190. Shekara biyu ina zargin fulawa a kan tozon da kek ɗina ke yi. Ba a buɗe ƙofa sai an wuce minti 25, kuma ba a fitarwa sai tsinke ya fito a bushe, an danna saman ya dawo, gefen ya ɗan janye daga gwangwani.

Sau ɗaya na so in sake yin gaggawa, na ɗauko ayisin zan shafa wa wanda bai gama hucewa ba. Anti ta riƙe min hannu ta ɗora bayansa a ƙasan kek ɗin, da ɗumi. Bota tana narkewa tun kafin zafi ya kai na jikin mutum, kusan digiri 32 zuwa 35, don haka ɗan ɗumin nan ya isa ya sa hawan sama ya zame. Kowane kek sai ya yi awa ɗaya a kan raga, sannan a yi masa shafin farko siriri mai kama ɓurɓushi, ya shiga firij minti 15, a yi na biyu. Furannin muka rage zuwa uku a gefe ɗaya, kuma sai da muka tura wa kowa hoto ya amince. Ga ƙawayena biyu da suka kwana suna shafi da naɗa kwali, da maƙwabciyarmu da ta kwashe kayan firij ɗinta ta ba mu wuri, Allah ya biya ku. Ƙanena kuma da ya ɗauki nauyin gefen kek shidan nan da suka lalace, shi ya riga ya karɓi ladansa.

Duk da haka sai da muka yi kuskure ɗaya: kwali biyu suka musanya, kek mai sunan yarinya 'yar shekara biyar ya tafi wurin taron ma'aikata. Yaya ya koma ya canja kafin a yanka. Mahaifiyar yarinyar dariya kawai ta yi, ta turo min hoto daga baya. Yanzu suna yana kan murfi da gefen kwali tun kafin kek ya shiga.

Masu jira 21, jiya na miƙa na ƙarshe. Na gode da kuka yarda da wadda ta riga ta saɓa muku sau ɗaya.

Daga Litinin zan ci gaba da karɓar oda, kek takwas a rana, da sanarwar kwana uku, ta lambar WhatsApp da ke saman shafina kaɗai. Wanda ya yi magana a ƙarƙashin bidiyo zan gaishe shi, amma ba oda ba ce sai ƙanwata ta rubuta a littafi ta turo masa lambar layinsa a littafin. Idan ta ce ranar ta cika, don Allah kada a zagayo ta wurina, an karɓe min wannan ikon.