Konstanz: garin da aka raba gardamar fafaroma uku

Daga Zurich muka shiga jirgin ƙasa ni da ƙanena da ke karatu a Jamus, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna ta kai mu Konstanz. Garin yana bakin babban tafkin da Jamusawa ke kira Bodensee, daidai inda kogin Rhine ke fita daga cikinsa, kuma a manne yake da garin Kreuzlingen na Siwizalan har mutum kan tsallaka iyaka da ƙafa bai ankara ba. Ba a yi wa tsohon garin ruwan bom a yaƙin duniya na biyu ba, shi ya sa lungunansa da gidajensa na dā suke nan tsaye. Abin da ya kawo ni shi ne in ga wurin da babbar majalisar shugabannin coci ta yi zaman da ya kawo ƙarshen rikicin da ya raba cocin Katolika kusan shekara arba'in, daga 1378 zuwa 1417.

Babbar majami'ar garin muka fara nufa, wadda ake kira Münster, domin a cikinta majalisar ta riƙa manyan zamanta. Muka samu benci muka zauna. Ƙanena ya ɗaga kai yana kallon manyan ginshiƙan dutse, ya ce, "Yaya, wai ta yaya ma aka yi fafaroma ya zama uku?"

Tushen abin a Roma yake. Tun 1309 fafaromomi suka koma Avignon, a kudancin Faransa ta yau, sai a 1377 Gregory na 11 ya mayar da fada Roma, ya rasu a shekarar da ta biyo. Da kadinaloli suka shiga zaɓe, su ne masu zaɓen sarki na coci, mutanen gari suka kewaye su da ihu suna cewa sai ɗan Roma, in babu to ɗan Italiya. A watan Afrilu 1378 aka zaɓi babban bishof na Bari, ya ɗauki sunan Urban na 6. Mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe, bai daɗe ba ya ɓata da waɗanda suka ɗora shi. Suka fice daga Roma, suka ce tsoro ne ya sa suka zaɓe shi don haka zaɓen bai inganta ba, a watan Satumba suka naɗa Clement na 7 a garin Fondi, shi kuma ya koma Avignon. Wahalar shari'ar a nan take: kusan mutanen da suka zaɓi na farko su ne suka zaɓi na biyu, kuma dokar coci ta ce ba wanda ke da hurumin yi wa fafaroma shari'a. Faransa da Sikotilan da masarautun Sifen suka bi Avignon, Ingila da mafi yawan ƙasar Jamus da Italiya suka bi Roma. Mutuwa ma ba ta raba ba, duk wanda ya rasu kadinalolinsa su naɗa magaji.

A 1409 kadinalolin ɓangarorin biyu suka gaji, suka kira majalisa a Pisa, suka tsige Gregory na 12 na Roma da Benedict na 13 na Avignon, suka naɗa Alexander na 5. Ba wanda ya sauka cikin biyun, domin kowanne yana da sarakunan da ke tsaye a bayansa. Aka tashi da uku. Alexander ya rasu a 1410, John na 23 ya gaje shi.

Tambayar da na zo da ita ita ce me Konstanz ta yi da Pisa ba ta yi ba. Abin da na gani shi ne Pisa ta yanke hukunci ɗaya a kan mutum biyu ta yi gaggawar naɗi, ita kuwa Konstanz ta bi kowane fafaroma ta hanyar da ta dace da shi, kuma ba ta naɗa kowa ba sai da kujera ta zama babu kowa a kai.

John na 23 ne ya kira majalisar, da matsin Sigismund sarkin Jamus, aka buɗe ta ranar 5 ga Nuwamba 1414. Ya zo da tarin bishof-bishof na Italiya yana zaton za su tabbatar da shi. Sai aka sauya tsarin ƙuri'a: maimakon ƙidayar kai, aka kasa mahalarta al'umma-al'umma, Italiya, Faransa, Jamus, Ingila, kowacce ta tattauna a ɗakinta ta fito da ƙuri'a ɗaya. Yawan mutanensa ya tashi a banza. Ranar 20 ga Maris 1415 ya ɓad da kama cikin tufafin talakawa ya gudu Schaffhausen da taimakon Frederick na Ostiriya, yana fatan majalisa ta watse tunda wanda ya kira ta ba ya nan. Sigismund ya hana mutane tafiya. Ranar 6 ga Afrilu, a cikin wannan majami'a da muke zaune, aka zartar da ƙudurin Haec sancta, wanda ya ce majalisar daga Almasihu ta samu ikonta kai tsaye, kuma kowa, har fafaroma, dole ya bi ta a kan sha'anin imani da kawar da rabuwa da gyaran coci. Aka kamo John, aka tsige shi ranar 29 ga Mayu, ya karɓi hukuncin.

Yadda aka yi da Gregory na 12 ya fi burge ni. Tsoho ne da ya kusa shekara casa'in, ya yarda zai yi murabus, amma ba zai miƙa wuya ga taron da abokin hamayyarsa ya kira ba. Majalisa ta haɗiye girman kai ta bar wakilinsa, Giovanni Dominici, ya karanta takardar da Gregory ke kiran majalisar da sunansa, tamkar ranar aka fara zama. Bayan haka wani wakilin nasa, Carlo Malatesta, ya karanta murabus ɗinsa, 4 ga Yuli 1415. An ba shi mutuncinsa, su kuma sun samu kujerar. Mabiyan Roma suka shigo ba tare da an tilasta musu cewa shekarunsu na biyayya ɓata ne ba. Daga Gregory ba fafaroman da ya sake yin murabus sai Benedict na 16 a 2013.

Na uku, Benedict na 13, ɗan Aragon, bai yi laushi ba ko kaɗan. Sigismund ya yi tattaki har Perpignan ya lallashe shi, ya ƙi. Sai aka bar shi aka koma kan masu goyon bayansa. A yarjejeniyar Narbonne ta Disamba 1415 masarautun Sifen suka yarda su janye masa biyayya, daga baya wakilansu suka zo Konstanz suka zama al'umma ta biyar. Sai a Yuli 1417 aka tsige shi, lokacin da kusan ba wanda ya rage masa. Ya ƙarasa rayuwarsa a ganuwar Peñíscola a bakin teku, har ya rasu a 1423 yana cewa shi ne fafaroma.

Kafin mu fita, wata dattijuwa da ke kula da baƙi ta nuna mana wani faffaɗan dutse a daɓen majami'ar, ta ce a nan mutanen gari ke cewa Jan Hus ya tsaya ranar da aka yanke masa hukunci. Hus malami ne daga Prague da ya yi wa'azi a kan lalacewar malaman coci. Ya zo da alƙawarin aman daga Sigismund, duk da haka aka kulle shi, aka nemi ya janye maganganunsa, ya ƙi, aka ƙone shi ranar 6 ga Yuli 1415, kwana biyu bayan murabus ɗin Gregory, aka watsa tokarsa a Rhine. Da rana mun taka zuwa unguwar da aka ajiye wani ƙaton dutse don tunawa da shi da abokinsa Jerome, wanda aka ƙone a shekara ta gaba. Na daɗe a tsaye a wurin raina a ɓace. Mutanen da suka iya nemo wa Gregory mafita mai mutunci ba su nemo wa wannan ba, kuma ƙasarsa Bohemiya ta sha yaƙi shekara da shekaru a kan haka.

Da la'asar muka gangara bakin tafki, inda wani jibgegen gini mai rufi mai tsayi yake, ƙasansa dutse, samansa katako. A 1388 aka gina shi don ajiyar hajar 'yan kasuwa, yanzu mutanen gari Konzil suke ce masa, akwai gidan abinci da zauren taro a ciki. A benensa aka kulle masu zaɓe ranar 8 ga Nuwamba 1417, aka toshe tagogi. Kadinaloli 23 ne, amma an san in su kaɗai suka yi zaɓe wata ƙasa za ta iya cewa ba da ita aka yi ba, kamar yadda ya faru a baya. Saboda haka, don wannan karon kaɗai, aka ƙara mutum shida daga kowace al'umma, talatin ke nan, jimilla 53. Sharaɗin ya yi tsauri: wanda zai ci sai ya samu kashi biyu cikin uku na kadinaloli, wato 16, sannan kashi biyu cikin uku na kowace al'umma daban, wato huɗu cikin shida.

Ƙanena ya yi lissafi da yatsu ya ce, "Ashe ke nan mutum uku daga Ingila kaɗai za su iya tsayar da komai."

Haka ne, kuma Ingila da Faransa suna cikin yaƙi a lokacin, shekara biyu kacal bayan gumurzun Agincourt. Tsarin yana da haɗarin a zauna wata da watanni ba a tsayar da kowa ba. Amfaninsa kuwa, duk wanda ya tsallake wannan siraɗi ba ƙasar da za ta iya komawa gida ta ƙi shi, tunda wakilanta sun sa hannu. Ba a daɗe ba. Ranar 11 ga Nuwamba aka zaɓi Oddone Colonna, ɗan wani babban gida na Roma, ya ɗauki sunan Martin na 5 saboda ranar ta waliyyi Martin ce.

Wata ɗaya kafin zaɓen majalisa ta riga ta zartar da ƙudurin Frequens, cewa a sake zama bayan shekara biyar, sannan bayan bakwai, daga nan duk shekara goma, domin kada fafaroma ya sake zama ba mai taka masa birki. Masu son a gyara harkar haraji da sayar da muƙamai kafin zaɓe sun ji tsoron cewa da zarar an samu fafaroma ɗaya maganar gyara za ta yi sanyi, kuma kusan haka aka yi. An rufe zaman Konstanz a Afrilu 1418 da gyare-gyare kaɗan. Martin ya kira majalisar Pavia da Siena a kan lokaci, ba ta haifar da abin kirki ba. Ta Basel da aka buɗe a 1431 ta yi karo da fafaroma Eugenius na 4 har ta naɗa nata fafaroman, Felix na 5, a 1439, sarakuna kuwa da suka ɗanɗana rabuwa ba su bi shi ba, ya sauka a 1449. A 1460 fafaroma Pius na 2 ya haramta ɗaukaka ƙara daga hukuncin fafaroma zuwa majalisa.

Washegari muka kama hanyar Schaffhausen, muna bin gaɓar Rhine ta inda John ya gudu. Ba nisa da gari jirgin ruwanmu ya wuce ta gaban ganuwar Gottlieben, inda aka tsare Hus, aka kuma tsare John ɗin bayan an kamo shi. Shi John an sake shi daga baya, ya je Florence ya durƙusa wa Martin, aka mayar masa da muƙamin kadinal, ya rasu a can a 1419.